iLovePDF ko PDFsam Basic: wanne ya fi wajen haɗa PDF da yanka shi?

“Don Allah 'yan uwa, ina da fayil 12 na furojet ɗina ina so su zama ɗaya a jere, sannan akwai wani babba mai shafi 96 da zan raba babi-babi. iLovePDF zan shiga ko PDFsam?”

Ɗan uwa, duka biyun za su yi maka, abin dubawa shi ne na'urar da ke hannunka da kuma abin da ke cikin takardun.

In waya kaɗai gare ka, iLovePDF ya fi sauƙi. Ka shiga Merge PDF, ka zaɓo fayilolin, ka ja kowanne ka ajiye shi inda ya dace sannan ka haɗa. Matsalarsa sai ka loda su sama kuma ka sake sauko da na haɗen, kenan data sau biyu, in shafukan sikanin ne masu nauyi kuma netwok ya tsinke a tsakiya to sai dai haƙuri. Kuma takardarka ta je sabar wasu. Babin furojet ba komai, amma ni dai ba zan ɗora takardar NIN ko bayanan banki a can ba.

PDFsam Basic kuwa kyauta ne, sai dai na kwamfuta ne, in ka sauke shi sau ɗaya shikenan, baya neman intanet, fayil baya barin laftof ɗinka. A Merge ɗinsa akwai gurbin Page ranges a gaban kowane fayil, in shafi 1-3 kawai kake so daga wani sai ka rubuta a wurin. Da laftof, shi zan zaɓa.

Ko wanne ka ɗauka, fara gyara sunayen tukuna. Wasu manhajoji harafi-harafi suke jerawa, sai ka ga 1, 10, 11, 12 sannan 2 ya biyo baya. Maida su 01, 02 har 12, jerin zai zauna daidai.

Wajen yanka ne mutane suka fi faɗawa rami, domin manhaja ba ruwanta da lambar da aka buga a ƙasan shafi, daga bango take fara ƙirga. A ce shafukan farko, su sadaukarwa da godiya masu i, ii, iii, sun kai 12 har da bango, babi na biyu kuma a buge yana 15 zuwa 38. To sai ka ƙara 12, ya zama 27 zuwa 50. A iLovePDF ka shiga Split PDF ka sa zangon daga 27 zuwa 50. A PDFsam kuma Split yana yanka ne BAYAN lambar da ka ba shi, in ka rubuta 12,26,50 zai fito da guda huɗu: 1-12, 13-26, 27-50, 51-96.

Kafin ka tura wa malaminka buɗe kowane yanki ka duba shafin farko da na ƙarshe, in kan babi na uku ya leƙo a ƙarshen na biyu to ka zarce da shafi ɗaya, rage shi ka sake yankawa daga asalin fayil ɗin.