Sakon kwastam na gaske da na 'yan damfara

"Held at customs" a sakon bibiyar kayan da ka yi oda daga waje na nufin kayanka suna hannun kwastam, ana jiran rasitin saye ko kudin fito. Ba kwace su aka yi ba. "Delivery attempted" kuwa, an zo gidanka ba a same ka ba, ko adireshin bai cika ba.

A ce ka sayi waya daga Chana. Sakon gaske zai dace da abin da shafin kamfanin da ke kawo kayan yake nunawa idan ka shigar da lambar bibiya da kanka, kuma za a ba ka takardar kudin fiton. Na damfara kuwa gaggawa ce tsantsa: tura naira dubu goma yau zuwa asusun wani mutum, ko ka danna mahada ka rubuta lambar katinka. Wani lokaci ma ba ka yi odar komai ba!