Bin kalma da kalma ko neman takwarar magana?

"Assalamu alaikum. An ba ni fassarar wani gajeren labari daga Turanci zuwa Hausa, ga shi cike da salon magana irin na masu harshen. Wani ya ce in bi kalma da kalma don in riƙe amanar marubuci, wani ya ce in nemo irin tamu in sa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nemo irin tamu ki sa, kada ki yi wata-wata.

Bin kalma da kalma na gwada shi a farkon shigata aikin nan, kuma ban ji daɗinsa ba. A wani labari aboki ya ce wa abokinsa abin da in aka bi kalmomin Turancin zai zama "kana jan ƙafata ne". Haka na rubuta. Su masu harshen abin da suke nufi shi ne "zolayata kake yi". Mu kuwa jan ƙafa nawa ce da jinkiri. Wanda ya duba mini aikin ya tambaye ni, wane aiki ne abokin ya ƙi yi da wuri? Kin ga ba rashin fahimta kawai aka samu ba, wata ma'ana ce daban ta shigo ta zauna daram, kuma mai karatu ba shi da hanyar gane an yi kuskure. Wannan ya fi haɗari a kan irin su "ana ruwan kyanwoyi da karnuka", don wannan kowa ya gani ya san akwai matsala, sai a gyara a ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Dalilin kuwa shi ne irin wannan magana dunƙulalliya ce, ma'anarta ba a cikin ɗaiɗaikun kalmominta take ba. Ki duba namu ma. Wanda ya ari na kare bai je wajen kare aro ba, gudu ya yi. Cin amana ba a yin sa da baki. In kika warware ƙullin kika ɗauki kowace kalma ita kaɗai, kin kai wa mai karatu ɓawon kin bar ƙwayar a baya. Amanar marubuci tana wajen abin da yake so a ji, ba wajen yawan kalmomin da ya jera ba. Inda kawai nake yarda da bin kalma shi ne in hoton ya riga ya zauna a harsunan biyu, kamar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ita kuwa ɗaya hanyar, abin da ya koya mini ita wani ɗan littafin rubutu ne da nake yawo da shi shekara da shekaru, bangonsa har ya yi laushi. Ban tsara shi bisa haruffa ba, bisa hali na tsara shi: shafin tsoro, shafin asara, shafin mutuwa, shafin wanda ya gudu daga wata wahala ya faɗa wadda ta fi ta. Duk maganar da na ji a bakin mutane sai in sa ta a shafinta, tare da wanda ya faɗe ta da yanayin da ya faɗa. Ranar da na ci karo da maganar Turawa ta fita daga kasko a faɗa wuta, ban nemi kasko ba. Shafin nan na buɗe, sai ga gudun gara an faɗa gidan zago tana jirana. Ina kuma leƙa ƙamus ɗin Bargery na 1934 in ina son tabbatar da tsohuwar magana, amma sai na ji ta a bakin mai rai kafin in sa, don wasu sun daɗe da fita daga yayi.

Bari in nuna miki yadda nake bi da guda ɗaya. Wani ɓarawo a cikin labari yana gaya wa abokin sana'arsa cewa tsohon da ke bin su bashi ya mutu, sai ya yi amfani da maganar nan ta Turawa ta "shurin guga". Abu na farko, na rufe littafin labarin na faɗi ma'anar tsurarta: tsohon ya mutu. Sannan na tambayi kaina wa ke magana, da wa, kuma da wace zuciya. Ɓarawo ne, da abokinsa, yana murna, babu ladabi ko kaɗan a bakinsa. Sai na jero abin da muke da shi. "Ya riga mu gidan gaskiya" ma'anarta daidai ce, amma maganar girmamawa ce, in na sa ta a bakinsa na mai da shi mai alhini. "Ya kwanta dama" ita ma ta yi taushi. "Ya ce ga garinku nan" ta matso kusa. "Ya sheƙa lahira" ita ce ke da gatsalin da marubucin ya nufa, ita na ɗauka. Duk huɗun mutuwa suke nufi, ɗaya ce kawai ta dace da bakin mai maganar. A nan ne na ga yawancin masu neman takwara suke zamewa: sun sami ma'ana sun manta da nauyin maganar.

Bayan na zaɓa, sai in karanta wa wanda bai ga Turancin ba, in ce ya faɗa mini abin da ya ji da irin mutumin da yake ganin ya faɗi haka. In ya ce "wani mara mutunci ne yake murnar mutuwar wani", aiki ya yi. In ya tsaya yana tambayata me ake nufi, sai in sake.

Hanyar tana da iyaka. Wani lokaci babu takwara, kuma in kika matsa sai kin samo, za ki ƙare da karin maganar da ta yi kama amma ta karkata. To, faɗi ma'anar a fili ya fi, "zolayata kake yi" ba ta rage komai ba. Wani lokacin kuma marubuci yana wasa da hoton kansa, ya ambaci shurin guga sannan jimla ta gaba ta dawo kan gugan. Nan sai kin sake gina jimlolin biyu tare, ko ki haƙura da wasan ki riƙe ma'anar. In kuma wata rana aka kawo miki takardar yarjejeniya ko bayanin shan magani, ki ajiye adon magana gefe, ki faɗi abu ƙarara.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar ƙananan littattafan nan da ke cewa sun tara dubban salon maganar Turanci kowanne da Hausarsa a gefe. Na taɓa sayen ɗaya, na yi da na sani. Da yawa daga "Hausar" da ke ciki fassarar kalma da kalma ce aka yi wa kwalliya ta yi kama da karin magana, ba wanda ya taɓa jin ta a bakin kowa. Kafin ki biya, buɗe ki nemi magana biyar da kika riga kika sani sarai. In babu misali a cikin jimla, kuma ba a nuna wadda ake faɗa don ladabi da wadda ake faɗa don gatse ba, mayar masa da kayansa. Kuɗin ki sayi littafin rubutu mara komai a ciki, ki fara da shafin mutuwa da na tsoro, don su ne za ki fi buɗewa a fassarar labari.