Sharhi kan ajin ƙarin darasin kalkulas: intigireshan na tan da sec

Ajin ƙarin darasi ne na yamma da wani malamin lissafi yake yi wa ɗaliban jami'a, na kuɗi ne, kuma na shige shi saboda babin fawowin tan da sec. A wannan babin dai kuɗina ya biya.

Kowa a ajin ya haddace ƙa'idar nan:

```
sec²x = 1 + tan²x
```

Inda ake tuntuɓe shi ne ta wane ɓangare za a juya ta, a mayar da sec zuwa tan, ko a mayar da tan zuwa sec. Malam ya hana mu fara taɓa ta. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Me za ku ajiye a gefe?" Dalilinsa shi ne, idan aka difarenshiyet tan x ana samun sec²x, idan kuma sec x ne ana samun sec x tan x. Abin da ka iya ajiyewa cikin biyun nan shi zai zama du, shi ne kuma zai faɗa maka yadda za ka juya ƙa'idar.

Sai a duba cika da mara. Idan fawar sec cika ce, kamar 2 ko 4 ko 6, ka ajiye sec²x, ragowar sec ɗin ka mayar da ita tan, ka sa u = tan x. Idan fawar tan mara ce kuma akwai sec a wajen, ka ajiye sec x tan x, ragowar tan ɗin, wadda yanzu ta zama cika, ka mayar da ita sec ta hanyar tan²x = sec²x − 1, ka sa u = sec x.

Ranar da ta fi amfanata ita ce ranar da ya rubuta ∫ tan³x sec⁴x dx a allo. A nan sec cika ce, tan mara ce, hanyoyin biyu duk a buɗe suke. Ya raba ajin gida biyu. Masu u = tan x suka samu u³(1 + u²), masu u = sec x suka samu (u² − 1)u³. Ga amsoshin:

```
tan⁴x/4 + tan⁶x/6 + C
sec⁶x/6 − sec⁴x/4 + C
```

Nan take gardama ta kaure, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya kuskure. Wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malam, to wacce za mu rubuta a jarrabawa?" Ya miƙa mata alli ya ce ta sa x = 0 a duka biyun. Ta farko ta ba da 0, ta biyu ta ba da 1/6 − 1/4, wato −1/12. Ta sake gwadawa da x = π/4, inda tan yake 1, sec² yake 2. Ta farko ta zama 5/12, ta biyu 4/12. Tazarar ba ta motsa ba, 1/12 ce, kuma C ya haɗiye ta. Tun daga ranar, idan amsata ta bambanta da ta bayan littafi, wannan gwajin nake fara yi kafin in goge komai.

Ya kuma nuna mana yadda ake gane an hau hanyar da ba ta ɓullewa. Idan ka ajiye sec²x alhali fawar sec mara ce, za a bar ka da sec guda ɗaya tilo, wadda ba ta komawa tan sai da √(1 + u²). Da zarar ka ga wannan alamar, ka tsaya ka koma baya.

Ƙorafina yana kan yanayi na uku, inda tan take cika, sec take mara, kamar ∫ tan²x sec x dx. A nan babu abin ajiyewa. Sai an mayar da komai sec, a samu sec³x − sec x, sannan a warware sec³x da dabarar ∫ u dv = uv − ∫ v du, inda u = sec x, dv = sec²x dx. Ana cikin aikin sai ∫ sec³x dx ya sake bayyana a hannun dama da alamar ragi, a kai shi hagu, a raba da 2:

```
∫ sec³x dx = ½(sec x tan x + ln|sec x + tan x|) + C
```

Wannan shi ne mafi wuya a babin, amma a gurguje aka yi shi, ana dab da kiran sallar magariba, ba a kuma sake komawa kansa ba. Takardar atisayen da aka raba mana ma kusan duk tambayoyinta na yanayi biyun farko ne. Wanda zai shiga ajin, ya nemi Malam ya ware wa sec³x zama guda tun da wuri, ya kuma zo da ∫ sec x dx = ln|sec x + tan x| + C a kansa, don ana ɗauka kowa ya san ta.