Manhajar fassara hoto da bidiyon injin ban ruwan Kawu

Da aka shiga noman rani bana, Kawu ya sayo sabon injin ban ruwa mai inci 3 saboda albasarsa da ke fadama, nan gefen Ringim. Takardar da ta zo a kwali ta jiƙe da mai tun a hanya. Wani a zauren WhatsApp na manoma ya turo bidiyon irin injin, mai bayani yana magana da harshen da ban san ko na wace ƙasa ba ne, amma akwai rubutun Turanci a ƙasa. Turancina na karatun allon kan hanya ne, don haka na koma ga manhajar da ke wayata, wadda ake ba ta hoto ta karanta rubutun ciki ta mayar da shi Hausa. Kwana uku na yi ina fama da ita a kan bidiyon minti huɗu, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa.

Rubutun ƙasan bidiyo iri biyu ne. Akwai wanda ake kunnawa a kashe da maɓallin `CC` a YouTube, shi wannan waya ta san rubutu ne. Akwai kuma wanda aka manna a jikin hoton tun wajen haɗa bidiyo, ya zama kamar zanen jikin atamfa. Na Kawu irin na biyun ne, ba a kwafe shi, ba a canza masa harshe. Dole sai an tsayar da bidiyo an ɗauki sikirinshot, sannan a miƙa wa manhaja.

Inda layi ya fito cikakke, fari tas a kan wuri mai duhu, manhajar ta yi ƙoƙari ƙwarai. Hausarta a sandare take, amma ana gane nufi, kuma ko da sandar netwok biyu tana bayarwa cikin ɗan lokaci. Wannan kam na yaba.

Matsalar ta fara ne a wani layi da ta fassara mini da cewa a kunna famfo ba tare da ruwa ba. Na karanta wa Kawu a ƙarƙashin darbejiya, ya ɗago kai daga tiyon da yake ɗaurewa da roba ya ce, "Kai yaro, sake dubawa. Injin da ba a ɗura wa ruwa ba sil ɗinsa ƙonewa yake." Na buɗe hoton na zuƙo shi. Ga abin da ke rubuce:

```
t run the pump without water in th
```

Wannan `t` da ke tsaye ita kaɗai a farko, wutsiyar kalmar `not` ce. An yanke kan jimlar, wato wurin da hanin yake, manhajar kuwa ta yar da harafin ta fassara saura kamar umarni. Ba ta nuna wata alamar cewa akwai abin da ya ɓata ba, ta kawo Hausa sumul. Wannan ne babban aibinta a wurina, domin da ta yi kame-kame da na yi shakka tun farko.

Daga baya na gane dalilin yankan. Asalin bidiyon a kwance yake, faɗi 1920 tsayi 1080. Wanda ya fara yaɗa shi ya datse gefe da gefe ya mai da shi murabba'i, faɗin da ya rage 1080 ne kawai, kusan rabi ya tafi ke nan. Da a tsaye ya mai da shi irin na situs, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Shi kuma rubutun a tsakiya ake jera shi, don haka gajeren layi yana tsira, dogo kuwa a ci masa kai da wutsiya daidai wa daida. A Turanci kuma hani da sharaɗi, irin `Do not` da `Never` da `If`, galibi a bakin jimla suke zama, daidai inda almakashi ke fara ci.

Yanzu kafin in yarda da fassara sai na duba bakin layin Turancin da idona. In ya fara da guntun kalma, ko harafin ya manne da gefen hoto an shafe rabinsa, na san an yi yanka. Ƙaramin harafi a farko shi ma abin lura ne, ko da yake wani lokaci ci gaban layin baya ne kawai. Abin da aka yanke kuwa ya tafi, babu dabarar da za ta dawo da shi daga sikirinshot. Ni dai na ɗauki kalmomin tsakiya da sunan injin na bincika a YouTube har na samo asalin bidiyon a kwance, na ga `Do not` zaune a wurinsa.

Saurin rubutu wata wahala ce daban, amma ita tana da magani. Wani layin bai cika daƙiƙa ɗaya ba ya wuce, in na danna tsayawa sai in kama shi yana dusashewa, ko sandar lokaci da maɓallai su hau kansa. Na sauke bidiyon a waya, na buɗe da manhajar kallon bidiyo ta VLC, na rage gudu zuwa `0.5x`. In layi ya fito sosai sai in tsayar, in taɓa fuskar waya sau ɗaya maɓallan su ɓuya, sannan in ɗauka. Nakan ɗauki biyu ko uku a layi guda, saboda bidiyon da ya sha turawa a WhatsApp wani hoton ya fi wani tsabta. Sai in yanke hoton in bar zirin rubutun kawai da ɗan fili sama da ƙasa, in ba haka ba manhajar takan tsinto sunan da ke jikin tankin injin ta cusa a tsakiyar jimla.

Wani darasin a wajen baƙin mai na koye shi. Jimla ɗaya ce aka raba ta gida biyu, rabi ya fito ya ɓace sannan ɗayan ya biyo:

```
Change the oil after the first
20 hours, then every 100 hours.
```

Da na ba ta hoton farko shi kaɗai, sai ta ce a canza mai bayan na farko. Na farkon me? Na biyun kuma ya fito lissafin awoyi kawai, babu abin da za a yi a cikinsu. Tun daga nan na daina karɓar fassarar da take shimfiɗawa a kan hoto. Ina kwafe Turancin da ta karanto daga kowane hoto, in jera a wurin rubutu na waya, in goge tsallaken layi har jimla ta kai ga aya, sannan in fassara ta a dunƙule. Nan take ta fito daidai: a juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100.

Lambobi kuwa ban ƙara barin su a hannunta ba. Inda aka rubuta `0.6 L`, ɗigon ya narke a cikin hoton, ta karanta `06 L` ta ce lita 6. Wannan bai ruɗe mu ba, don duk wanda ya taɓa riƙe irin injin ya san galan ɗin lita ɗaya ma ba ya shanyewa. Amma da awon maganin feshi ne, inda ban san ƙa'idar ba, da ban ankara ba, kuma abin nan ya tsaya mini a rai.

Zan ci gaba da amfani da ita, musamman ga bidiyon da ke kwance ba a taɓa gefensa ba. Wanda aka datse kuwa, sai na nemo asalinsa ko na tambayi makaniken da ke bakin kasuwa. Ranar Laraba muka ɗura ruwa a kan famfon har ya tumbatsa, Kawu ya ja igiya sau biyu injin ya tashi, ni kuma na rubuta awa 20 da alli a jikin ƙofar rumbu muna ragewa kullum.