Na gwada hasashen ciniki kala uku a Excel, ga abin da na gani da basilin da dabino

Ina sayar da kayan masarufi a sari a Kano, kuma kayan da suka fi ba ni ciwon kai su ne masu kaka, irin su basilin da man shafawa lokacin hunturu da dabino lokacin azumi. In ka saro kaɗan su yanke maka ana tsaka da ciniki, in ka saro da yawa su kwana a sito har baɗi kuɗinka na kwance. Shi ya sa na kwashe littafin ciniki na shekara uku na zuba a Excel, kowane wata da adadin katan ɗin da ya fita, na gwada hanyoyin hasashe ɗin da ake ta magana a kai. Wannan sharhi ne na abin da na gani, kuma tun yanzu in faɗa, gardamar wacce ta fi tsakanin Moving Average da Exponential Smoothing na gama-gari a kan kaya mai kaka ba ta da wani armashi, su biyun duk ihu bayan hari suke yi, sai dai ɗaya ta fi ɗaya saurin farga.

Ta farkon ba wani abu ba ne, ka ɗauki cinikin wata uku da suka wuce ka haɗa ka raba uku, shi ne hasashen wata mai zuwa. In lambobinka suna layin B to kawai:

```
=AVERAGE(B2:B4)
```

sai ka ja shi ƙasa. Ga yadda basilin ya fita a wajena kaka ɗaya, na daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi: Yuli katan 40, Agusta 38, Satumba 42, Oktoba 60, Nuwamba 110, Disamba 160, Janairu 150, Fabrairu 90, Maris 50, Afrilu 40. A watannin damina abin ya yi daidai sosai, don ciniki a kwance yake wajen 40. Amma da iska ta fara kaɗawa sai ya rikice. Hasashen Nuwamba ya ba ni 47 alhali 110 aka saya. Na Disamba 71, aka sayi 160. To wanda ya fi ban haushi shi ne ɓangaren sauka, don a Fabrairu ya ce 140 aka sayi 90, a Maris lokacin da zafi ya riga ya shigo kowa na neman inuwa shi yana nan yana cewa 133, aka sayi 50. Wato lokacin da ya kamata ka cika sito yana ce maka ka yi a hankali, lokacin da ya kamata ka tsaya da sari yana ce maka ƙaro. Kuma ba laifin manhaja ba ne, haka lissafin yake, tsakiyar wata ukun da ka haɗa tana wata biyu baya da watan da kake son sani, don haka kullum labarin wata biyu baya yake ba ka. In ka mai da shi wata shida don layin ya yi sumul to ka ƙara nisa ne kawai, ya koma wata uku da rabi.

Ta biyun ita tana da lamba ɗaya da kake zaɓa tsakanin 0 da 1, ana ce mata alfa. Sabon hasashe shi ne alfa sau abin da aka saya a watan da ya wuce, a haɗa da ragowar, wato 1 a cire alfa, sau hasashen da aka yi wa wancan watan. In ciniki na B, hasashe na C, alfa 0.5:

```
=0.5*B5+0.5*C5
```

Na fara da 40 a Oktoba. Aka sayi 60, don haka na Nuwamba ya zama rabin 60 da rabin 40, wato 50. Disamba 80, Janairu 120, Fabrairu 135, Maris 113, Afrilu 81. Ka ga ta ɗan fi, musamman wajen sauka, Maris 113 maimakon 133. Da na haɗa kuskuren kowane wata daga Oktoba zuwa Afrilu ba tare da duba ko sama ne ko ƙasa ba na raba bakwai, ta farko tana kuskuren katan 58 a wata, ta biyu 48. Toh ta fi ɗin dai, amma don Allah wa zai yi murna da kuskuren katan 48 a kayan da wani watan 40 kacal ake saya? Na zaɓi 0.5 ne da gangan saboda ita ce daidai da wata uku, akwai ƙa'idar da ake bi, alfa daidai take da 2 a raba da adadin watanni da ƙarin ɗaya, kenan gwajin ya yi adalci. Na kuma ɗaga ta zuwa 0.8, Janairu ya fito 148 kusa da 150 har na ji daɗi, sai Fabrairu ya fito 150 aka sayi 90. Alfa babba kusan kwafar watan jiya kawai take yi, kuma duk ranar da wani babban kwastoma ya zo daga Maraɗi ya kwashi katan 30 lokaci guda sai ta ɗauka kasuwa ce ta buɗe.

Wani abu da za a kula, in ta cikin Data Analysis ka shiga ka zaɓi Exponential Smoothing, akwatin da zai tambaye ka sunansa Damping factor, kuma ba alfa ba ce, 1 ne a cire alfa. Mai son alfa 0.8 sai ya rubuta 0.2. A 0.5 ba za ka taɓa gane bambancin ba tunda duk ɗaya ne.

Yadda za ka gane hasashenka yana bin baya kuwa ba sai ka iya lissafi mai zurfi ba. Buɗe layi ɗaya ka riƙa cire hasashe daga ciniki. In lafiya ƙalau ne za ka ga wani watan sama wani watan ƙasa a cakuɗe. Ni kuwa wata huɗu a jere ciniki ya fi hasashe, sai wata uku a jere hasashe ya fi ciniki, a duka hanyoyin biyu. Da ka ga haka to kaka ce, kuma babu alfar da za ta gyara, saboda babu inda aka gaya wa lissafin cewa akwai wani abu wai shi Disamba.

Wanda ya yi min aiki shi ne na uku, shi ma ɗan gidan Exponential Smoothing ne amma mai hawa uku, wanda ake danganta wa Holt da Winters tun wajen 1960. Shi yana riƙe abu uku lokaci guda, matsayin ciniki na yau da kullum, da ko kasuwar na hawa ko sauka a hankali, da kuma rabon kowane wata a shekara. Tun Excel 2016 yana ciki, ko ka danna Forecast Sheet a ƙarƙashin Data ko ka rubuta da kanka, kwanan wata na layin A, ciniki na B, A38 kuma watan da kake son sani:

```
=FORECAST.ETS(A38,B2:B37,A2:A37,12)
```

Wannan 12 ta ƙarshe ita ce tsawon zagayen kaka. In ka bar wajen shi zai laluba da kansa, ni dai na fi son in rubuta masa tunda na san hunturu sau ɗaya yake zuwa a shekara. Na ɓoye masa kakar ƙarshe na ce ya faɗa min, bai dace cif-cif ba amma tun daga Oktoba ya fara ɗagawa, ya kai ƙololuwa Disamba da Janairu, ya sauko a Maris. Wannan shi ne abin da ɗan kasuwa ke buƙata, ya san yaushe zai sa oda kafin farashi ya tashi a kamfani. Sharaɗin shi ne sai kana da aƙalla shekara biyu cikakku a rubuce, uku ta fi, don da Disamba ɗaya tak ba zai bambance kaka da sa'a ba.

Yana da iyakarsa shi ma. Tsarin da ke cikin FORECAST.ETS na ƙari ne ba na ninki ba. A shekarar da na kawo, in aka sa Mayu da Yuni 30-30 jimla 840 ne, wato 70 a wata, Disamba kuma 160. Kana iya cewa Disamba ta ɗara da katan 90, kana iya cewa ta ninka sau 2.3. In kasuwarka ta girma ta koma 100 a wata, na ƙari zai ce 190, na ninki zai ce kusan 229, kuma a ganina kayan hunturu ninkawa suke yi, don duk sabon kwastoman da ka samu shi ma a Disamba zai fi saya. Mai shagon da ke saurin girma ya ɗan ƙara a kan abin da ya gani, ko ya duba LibreOffice Calc, can akwai FORECAST.ETS.MULT.

Sai dabino, nan ne fa labari ya canza gaba ɗaya. Azumi ba ya bin watan Bature, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 12. A 2023 an fara 23 ga Maris, yawancinsa ya faɗa Afrilu, a 2024 aka fara 11 ga Maris, a 2025 kuwa 1 ga Maris. Mu 'yan sari kuma cinikinmu kafin a ga wata yake tashi, masu shaguna da masu rabon kayan azumi a Sha'aban suke zuwa, kenan tudun da ya faɗo a Maris 2023 ya koma Fabrairu a 2025. Da na ba shi lambobin a watannin Bature sai ya shafa tudun a kan wata biyu zuwa uku, babu wanda ya kai tsayin gaskiya, kuma ya ajiye shi a makare, bayan lokacin da zai faɗo. Abin da na yi shi ne na koma rasit na sake tara cinikin dabino da watannin Musulunci, Muharram zuwa Zulhajji, a layin A kuma maimakon kwanan wata na sa 1, 2, 3 har 36, tunda abin da yake so kawai tazara ta zama iri ɗaya. Nan take Sha'aban da Ramadan suka fito fili. Aiki ne mai cin rai gaskiya, amma sau ɗaya ake yi. Kayan da suke da kaka biyu kamar lemon kwalba, da zafi ke ja azumi ma ke ja, su kam kowace kalanda ka bi ɗaya za ta kuɓuce, sai dai ka yi na zafi da lissafi ka ɗora na azumi da hannu.

Duk wanda zai gwada ya zuba adadin katan ba naira ba, don da yadda farashi ya yi ta tashi lissafin zai ɗauka kasuwa ce ke bunƙasa alhali kayan da ke fita ba su ƙaru ba. Sannan watan da kaya suka yanke maka, abin da ke littafi shi ne abin da ka sayar ba abin da aka nema ba. In basilin ya ƙare 20 ga Disamba ka rubuta 110 haka nan, to baɗi zai ce ka saro 110 ya sake yankewa. Ni yanzu akwai shafi daban da yaran shago ke rubuta duk wanda ya tambaya bai samu ba da yawan da ya nema, ƙarshen wata mu haɗa da cinikin kafin a shigar.

Sabulu da ashana da gishiri har yanzu AVERAGE na wata uku nake musu, ya wadatar kuma ko yaron shago zai iya. Basilin da man shafawa FORECAST.ETS da 12 a watan Bature, dabino a watan Musulunci, kuma ina duba hasashen tun Satumba saboda odar hunturu a Oktoba nake sawa.