Kafin ka sayi tiraka, duba yadda za ta haɗu da wayoyin motarka

Yawanci wanda zai sayi tirakar mota abin da yake tambaya kawai tana nuna inda mota take? Tana kashe inji daga waya? Amma a motar zamani tambayar da ta fi ita ce ta ina za a jona ta, domin nan ne batir yake fara mutuwa da daddare, ko dashbod ya cika da wutar ABS ta gargaɗin birki ba gaira ba dalili.

Motar yanzu ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba, inji da tasa, giya da tata, birki, ƙofofi, dashbod, kuma yawancinsu a kan wayoyi biyu da aka murɗe tare suke magana, CAN-H da CAN-L. Kamfanin Bosch ne ya fito da tsarin a 1986. Kamar mutane ne a ɗaki ɗaya, in ɗaya ya yi magana kowa na ji, kowa ya ɗauki abin da ya shafe shi. Birki ya faɗi gudun tayoyi sau ɗaya, giya ta ji, dashbod ya ji ya ɗaga allura. In biyu suka fara tare, saƙo mai ƙaramar lamba ne yake wucewa, ɗayan ya dakata ya sake. To kaga duk abin da ka jona a wayoyin nan ya shigo ɗakin kenan.

Wadda aka fi saye ita ce mai shiga soket ɗin OBD a ƙarƙashin sitiyari, inda makanike yake soka sikana don duba matsalar mota. Ba yanka ba ɗauri, ka soka kawai, in ta ba ka matsala ka zare. Sai dai fin na 16 a soket ɗin yana da wuta ko an cire makulli, kuma masu arha da yawa ba sa yin shiru, suna ta tambayar inji bayani a fin na 6 da 14. Ita mota in ka kulle ta, bayan wasu mintoci kwamfutocin suna yin barci, wutar da suke ja ta sauka ƙasa da kamar miliamp 50, amma saƙo ɗaya a layin yana iya tada su. A ce batirinka mai 60Ah ne, tiraka ta hana barci motar tana jan miliamp 400, cikin kwana uku an sha wajen 29Ah, kusan rabi, inji ya fara ja da ƙyar, kai kuma ka je ka sayi sabon batir alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. In wannan za ka saya tambayi mai sayarwa tana barci in an kashe mota? In bai gane tambayar ba ka nemi wata.

Wadda nake jin tsoro ita ce wadda mai rewaya zai fere wayoyin CAN ya ɗaura tata a kai. Wutar maganar fa kaɗan ce, duka biyun suna zaune a bolt 2.5, in ana magana ɗaya ta hau 3.5 ɗaya ta sauka 1.5, bambancin nan ake karantawa. Ɗauri ya saki, ko an warware murɗin da tsawo, ko na'urar tana magana da wani gudu daban da na layin (na inji galibi kilobit 500 ne a daƙiƙa), sai saƙonni su riƙa lalacewa, giya ta maƙale a lamba ɗaya, allurai su faɗi ana cikin tafiya. Akwai kuma rezista mai om 120 a kowane ƙarshen layin, wasu na'urorin suna zuwa da tasu ta uku. Gwajin ba wuya, cire kan batir, sa mita tsakanin fin 6 da 14, a yawancin motoci om 60 za ka gani. In ka ga 40 an ƙara rezista, in 120 ne layi ya tsinke a wani wuri, in kusan sifili ne wayoyin sun haɗe. Sikana kuma za ta nuna lambobi masu farawa da U, irin U0100, wato an daina jin inji.

Akwai mai maƙalawa a jikin wayoyin ba tare da an fere su ba, tana ji ne kawai ta bayan roba, ba ta iya aika komai. In kana son ganin mai da kilomita na gaskiya ni ita zan zaɓa, ko da ta fi tsada, sai dai ba za ta buɗe ƙofa ko ta goge lambar matsala ba.

In kuwa inda mota take kaɗai kake son sani, sayi mai wayar wuta da ta as kawai, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, a sa mata fiyus nata, kar a taɓa CAN sam. Bayan an gama kulle motar, jira kamar rabin awa, a auna wutar da take ja kafin ka biya mai aikin.