Shekara guda da firinta mai cewa tawada ta ƙare alhali tana nan

Firintar da nake amfani da ita a gida irin mai feshin tawada ce, mai katirij biyu, wato mazuban tawada, baƙi da na launi. Bugunta tsaf yake, ba ni da ƙorafi a kansa. Abin da ya dame ni ma'aunin tawadar nan ne da ke fitowa a allon kwamfuta. Wata uku da sayenta ya nuna baƙar tawada ta kusa ƙarewa, na cire katirij ɗin na ji da sauran nauyi a hannu, na mayar, ta ci gaba da bugu fes har na tsawon makonni.

Sai daga baya na gane cewa ma'aunin ba leƙa cikin katirij yake yi ba, lissafi yake yi. Firinta ta san yawan tawadar da aka zuba wa sabon katirij, ta kuma san girman ɗigon da take fesawa. Ɗigon ƙanƙane ne ƙwarai, da fikolita ake auna shi, kuma sai an tara fikolita biliyan ɗaya ake samun mililita ɗaya. To duk ɗigon da ya fita tana ƙirga shi, ta haɗa da abin da take zuƙa lokacin wanke bakin feshi, ta debe daga jimilla, ta rubuta ragowar a ƙwaƙwalwarta ko a ɗan cif ɗin da ke jikin katirij. Kamar mai ajiyar kuɗi ne da ke rubuta duk abin da ya fita a littafi, amma bai taɓa buɗe akwatin ya ƙirga ba. Kuskure kaɗan a kowane ɗigo, idan ya taru sau miliyoyi, ya zama babba.

Da na sa sabon katirij, sai na ɗauko ƙaramin sikeli mai auna giram. Yana sabo ya ba ni giram 46. Ranar da gargaɗi ya fito na sake aunawa, 37. Na ci gaba da bugu har layuka suka fara yankewa, a nan ya tsaya a 33. Tawada kusan nauyin ruwa gare ta, giram ɗaya wajen mililita ɗaya, ke nan cikin mililita 13 da zan iya mora, akwai 4 a ciki lokacin da aka ce in sayi wani. Kusan kashi ɗaya cikin uku! Wannan ya yi mini ciwo, gaskiya.

Amma dole in faɗi dalilin masu ƙera firintar, domin yana da ƙarfi. A irin tawa, kowace ƙofar feshi tana da ɗan abin zafi da ke tafasa tawada ya tunkuɗo ɗigo, kuma tawadar ce ke sanyaya shi. In aka yi ta bugu ba tawada, yana iya ƙonewa. Shi ya sa ake gina lissafin ya yi gargaɗi da wuri. Na yarda a bar rara, yawanta ne ban yarda da shi ba.

Da na cika tsohon katirij da sirinji, mililita 10, ma'aunin bai motsa ba, yana nan a kan babu, tunda littafin lissafin bai san an ƙara komai ba. A tawa, danne maɓallin tsayarwa na wajen daƙiƙa biyar yana kashe gargaɗin, amma daga nan tsaron ya koma wuyanka.

Akwai kuma akasin haka. Da wani katirij da ban cika da sirinji ba a ciki, na bar ta wata biyu ba aiki, ma'auni na nuna rabi, takarda na fitowa da fararen layuka. Lissafi ba ya ganin tawadar da ta bushe ko ƙofar da ta toshe. Na buga shafin gwajin ƙofofin feshi, wato `Nozzle Check`, na ga giɓi a zanen, na auna katirij na samu 40. Tawada na nan ke nan, toshewa ce. Wanki biyu ya gyara, sai dai ma'aunin ya ƙara sauka, domin wanki ma tawada yake ci.

Firintocin da ke aiki da garin tawada, wato tona, ma da yawansu ƙirga ɗigo da juyin gangar da ke ɗora garin a takarda suke yi, kuma in bugu ya fara dusashewa, karkaɗa katirij a hankali gefe da gefe kan ƙara shafuka.

Firintar zan iya ba wani shawarar saya, ma'auninta kuwa tunatarwa kawai nake ɗaukarsa, na tanadi wani katirij in ajiye. Na rubuta 46 da 33 a takarda na manna a murfinta, kuma da zarar sikeli ya nuna 35 nake cikawa.